Kada ka biya kuɗin asibiti a Amurka sai ka ga takardar dalla-dalla

'Yan uwa mazauna Amurka, na Bronx da na sauran garuruwa, masu aikin sito da masu tuƙi da masu kai abinci da mata masu kitso da masu kula da tsofaffi. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, domin magana ce ta kuɗin guminku.

Wanda duk ya taɓa shiga asibiti a ƙasar nan ya san yadda abin yake. Sau da yawa ranar da aka duba ka ba wanda zai ce maka kawo ko sisi. Sai bayan sati biyu ko uku ka buɗe akwatin wasiƙa ka tarar da ambulan, a ciki an rubuta dala dubu kaza. Daga nan mutanenmu kashi biyu suke rabuwa. Wani tsoro ya kama shi, ya ci bashi ko ya kwashe kuɗin adashinsa ya biya don kada sunansa ya ɓaci. Wani kuma ya jefa takardar ƙarƙashin katifa ya ce in sun gaji za su bari. To duka biyun asara ce. Akwai hanya ta uku, ita na bi, ita kuma nake so in bayyana muku daki-daki.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne, wannan takarda da ta fara zuwa ba cikakken lissafi ba ce, jimla ce kawai. Za ka ga layi uku ko huɗu: ɗakin gaggawa kaza, magani kaza, hoto kaza, kayan aiki kaza. Ba ta gaya maka wane magani ba, guda nawa, wane hoto, ƙarfe nawa. A gida idan mai shago ya ce bashinka ya kai dubu hamsin, ai cewa kake yi ya buɗe littafi ku bi layi-layi, ranar kaza sukari, ranar kaza sabulu. To asibiti ma tana da wannan littafin, sai dai yawanci ba ta aiko maka da shi sai ka nema. Sunansa da za ka faɗa musu, ko ka rubuta, shi ne Itemized Bill. Ni a nan zan riƙa kiransa takardar dalla-dalla. Biyan jimla ba tare da ganin wannan takarda ba, cinikin biri a sama ne.

Ga yadda tawa ta kasance. Ina aikin sito da rana, ba ni da inshorar lafiya a lokacin. Wani dare ina yanka kaza a gida, wuƙa ta zame ta tsaga mini tafin hannun hagu. Abokin zamana ya naɗe hannun da tawul ya kai ni ɗakin gaggawa na wata asibiti. Mun shiga wajen ƙarfe tara da rabi, mun fito kusan sha biyu. Abin da aka yi mini ban manta ko ɗaya ba. Nas ta auna jinina, likita ya zo ya duba, aka yi mini allurar kashe zafi a wurin, aka wanke, aka yi ɗinki shida, aka yi mini allurar tetanus guda ɗaya a kafaɗa, aka naɗe hannun. Da farko da na ga jini jiri ya ɗebe ni, likita ya ce wataƙila a yi mini ƙarin ruwa, kuma wataƙila a ɗauki hoton hannun. Amma da na zauna na sha ruwa jirin ya tafi, ba a soka mini komai a jijiya ba. Da ya buɗe ciwon ya ga wuƙa ce ba kwalba ba, yatsu kuma duk suna motsi, sai ya ce ba sai an yi hoto ba. Ko ƙofar ɗakin hoton ban gani ba.

Bayan sati uku bil ya zo, dala 4,120. A cikin layukan nan huɗu sai ga layin hoto. Nan na san akwai magana. Na kira lambar da ke jikin takardar na ce ina son Itemized Bill mai ɗauke da lambobin CPT. Ku riƙe wannan kalma ta biyu da kyau. CPT lamba ce mai alƙaluma biyar da ake ba kowane aiki da ake yi wa majinyaci, kuma lambar iri ɗaya ce a duk faɗin ƙasar. Idan ba ka ce a sa lambobin ba, za su iya aiko maka da takarda cike da gajerun kalmomi waɗanda ko ɗan ƙasa ba ya ganewa. Idan kuwa akwai lambar, sai ka buga ta a waya, ka ga ainihin aikin da take nufi.

Kwana goma sha biyu takardar ta iso. Ga abin da na gani a ciki. Lamba 99283, kuɗin shiga ɗakin gaggawa mataki na uku, dala 1,450. Lamba 12002, ɗinkin rauni, dala 780. Lamba 90715, ruwan allurar tetanus, amma a gefe an rubuta guda 2, kowace dala 190. Lamba 90471, ladan yin allurar, dala 120. Lamba 73130, hoton hannu, dala 520. Lamba 96360, ƙarin ruwa ta jijiya, dala 610, sai ledar ruwan kanta dala 95. Sauran kayan ɗinki da maganin kashe zafi dala 165. Na ɗauki biro na ja layi ƙarƙashin hoto, da ƙarin ruwa, da ledarsa, da allura ta biyu. Da na tara su suka kama dala 1,415. Wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na bil ɗin kuɗin abin da bai taɓa jikina ba ne. Kuɗin nan ya fi ladan aikina na sati biyu.

Wani zai ce ai sata ce ƙiri-ƙiri. Ba na rantsuwa a kan zuciyar kowa, amma gara ka san yadda abin ya fi faruwa, domin shi zai nuna maka inda za ka nemi hujja. A asibitocin nan komai ta kwamfuta ake yi. Likita yana tunanin a yi hoto, sai ya danna umarni tun kafin ya gama duba ka, don kada a ɓata lokaci. Daga baya ya canza shawara ya gaya maka da baki cewa an fasa. Idan ba wanda ya koma ya soke umarnin a kwamfuta yadda ya kamata, kuɗin yana iya bin hanya ya faɗa asusunka. Haka nas tana iya ɗauko ledar ruwa ta haska lambarta da na'ura, sannan ba a yi amfani da ita ba. Ko a haska kwalbar allura sau biyu. Wani lokaci ma aikin majinyacin gadon kusa da kai ake ɗora maka, musamman mu da sunayenmu suke kama da juna, Muhammad uku a ɗaki ɗaya. Su kuma mutanen ofishin kuɗi ba sa nan daren da aka duba ka. Abin da kwamfuta ta ba su shi suke bugawa. Shi ya sa in ka kira ka ce wallahi ba a yi mini ba, matar da ke kan waya ba ta da abin da za ta yi da rantsuwarka. Takarda take so, kuma takardar tana cikin asibitin nan tasu.

Wannan shi ne mataki na biyu, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa: neman fayil ɗinka na jinya. Ofishinsa daban yake da ofishin kuɗi, a jikin ƙofa ko a shafinsu za ka ga an rubuta Medical Records. Akwai dokar tarayya mai suna HIPAA, ta shekarar 1996, wadda a ƙarƙashinta kake da haƙƙin karɓar kwafin fayil ɗinka da na lissafin kuɗinka. An ba su kwana 30 su amsa, suna iya ƙara wasu 30 sau ɗaya idan sun sanar da kai dalili a rubuce. Za su iya karɓar ɗan kuɗin kwafi. Idan asibitin tana amfani da manhaja irin MyChart, wani ɓangare na fayil ɗin ma za ka gan shi a wayarka kyauta. Haƙƙin nan na majinyaci ne, ba ruwansa da irin takardun zama da kake da su. Ni fasfo ɗina na nuna don su tabbatar ni ne, na cike fom shafi ɗaya, shi ke nan.

Amma kada ka ce a ba ka taƙaitaccen bayanin sallama kawai, wanda suke miƙa maka ranar fita. Ka ce kana son cikakken fayil na wannan rana, har da rubutun likita, da rubutun nas, da jerin magungunan da aka ba ka da lokacin da aka ba ka, da sakamakon duk wani gwaji ko hoto. Dalili shi ne kowane aiki na gaske yana barin sawu. Idan an ɗauki hoto, dole a sami rahoton likitan da ya karanta hoton. Idan an yi ƙarin ruwa, nas tana rubuta hannun da aka soka, da lokacin da aka fara, da lokacin da aka gama. Wannan lamba 96360 ma ba a cajinta sai ruwan ya kai minti 31 yana shiga jiki, saboda haka in babu lokacin farawa da na gamawa a rubuce, babu abin da kuɗin zai tsaya a kai. Allura kuma ana rubuta ta da lokacinta da gefen jikin da aka yi ta.

Da fayil ɗina ya zo, shafi goma sha huɗu, na zauna da wani ɗan ƙanina da ya yi makaranta a nan, muka ajiye takardu biyu gefe da gefe. A shafi na shida ga umarnin hoton hannu, ƙarfe goma da minti biyar, babu rahoto a bayansa, kuma a rubutun likita ya ce babu buƙatar hoto. Ƙarin ruwa kuwa babu lokacin farawa, nas ma ta rubuta cewa na sha ruwa da baki jiri ya lafa. Allurar tetanus sau ɗaya aka rubuta, kafaɗar dama. Kun ga yanzu ba maganata ba ce da tasu. Rubutun likitansu ne da na nas ɗinsu yake ƙaryata bil ɗinsu.

Kafin in zo kan wasiƙa, bari in ja kunnenku a kan abubuwa biyu da suke kama da kuskure alhali ba kuskure ba ne, don kada ka je ka yi ta faɗa a kan abin da ba za ka ci ba. Na farko, sau da yawa bil biyu ne za su zo a kan zuwa ɗaya. Ɗaya na asibiti, wato kuɗin ɗaki da nas da kayan aiki, ɗaya kuma na likita, domin likitocin ɗakin gaggawa da yawa kamfaninsu daban ne. Har lamba iri ɗaya za ka iya gani a duka biyun, kuma ba caji biyu ba ne. Caji biyu shi ne abu ɗaya ya fito sau biyu a takarda ɗaya, rana ɗaya, alhali sau ɗaya aka yi shi. Na biyu, tsada daban, ƙarya daban. Dala 780 a kan ɗinki shida ta yi mini ciwo, amma an yi ɗinkin. Maganar tsada tana da tata ƙofar, zan zo kanta. Idan ka cakuɗa su a wasiƙa ɗaya, za su amsa maka cewa farashinmu ke nan, su rufe maganar gaba ɗaya har da wadda kake da gaskiya a kai.

Yanzu wasiƙar. Waya tana da amfani wurin neman takarda, amma ƙorafi a rubuce ake yin sa. Wanda ka yi magana da shi yau gobe ba shi za ka samu ba, kuma in magana ta yi nisa ba wanda zai tuna ka kira. Ba sai ka iya dogon Turanci ba. Rubuta da Hausa, ka sami wanda ka yarda da shi ya juya maka, shafi ɗaya ya isa. Ga abin da na rubuta, sai ka canza da naka:

Zuwa ga ofishin kuɗi. Sunana wane, ranar haihuwata kaza, lambar asusuna kaza, an duba ni a ɗakin gaggawa ranar kaza. Na karɓi takardar dalla-dalla da fayil ɗina, na gwada su. Ban yarda da waɗannan kuɗaɗe ba domin ba a yi mini ayyukan ba. Na ɗaya, lamba 73130, hoton hannu, dala 520: babu rahoton hoto a fayil, kuma likita ya rubuta a shafi na shida cewa ba a buƙata. Na biyu, lamba 96360 da ledar ruwa, dala 705: babu lokacin farawa ko na gamawa a rubutun nas. Na uku, lamba 90715 an sa guda biyu, fayil ya nuna guda ɗaya, a cire dala 190. Ina neman a binciki asusun, a cire dala 1,415, a aiko mini da sabuwar takardar dalla-dalla da aka gyara. Ina neman a dakatar da asusun, kada a miƙa shi ga masu karɓar bashi har sai an gama bincike. Ina neman amsa a rubuce cikin kwana 30. Na haɗa da kwafin shafukan da na ambata.

Ka lura babu zagi a ciki, babu labarin wahalar da nake sha, babu barazanar lauya. Lamba, kuɗi, shafi. Idan kai ba ka riga ka sami takardar dalla-dalla ba, wato ka kira sun yi ta ja maka rai, to wasiƙarka ta farko ta fi wannan gajarta. Ka ce ka ga an caje ka kuɗin hoto ko gwaji alhali ba a yi maka ba, kana neman Itemized Bill da lambobin CPT da kwanan wata da adadin kowane abu, kuma a dakatar da asusun har ka gani.

Kwafi za ka aika, asalin takardun su zauna a hannunka. Ka je gidan waya ka ce Certified Mail kake so tare da Return Receipt. 'Yan daloli ne kaɗan. Za su ba ka rasit mai lamba, kuma in wasiƙar ta isa, wani ɗan koren kati zai dawo maka da sa hannun wanda ya karɓa. Wannan katin shi ne shaidarka ranar da wani zai ce ba su ga komai ba. Ka nemi ambulan babba guda ka zuba komai a ciki, ka kuma ɗauki hoton kowace takarda da waya. Duk kiran da ka yi, rubuta rana da lokaci da sunan wanda ya ɗauka, ka tambaye shi lambar shaidar kiran. In Turancin waya yana ba ka wahala, ka ce a haɗa ka da tafinta na Hausa, ko na Faransanci ga 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da suka fi jin sa. Asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, wato kusan dukkansu, wajibi ne su samar da tafinta ba tare da ka biya ba.

Bayan na aika, sati biyu ba labari, sai ga wani bil ya sake zuwa da kuɗin nan 4,120 ba a taɓa ko sisi ba. Kada wannan ya firgita ka, kwamfuta ce take turo shi duk wata. Amma kuma kada ka yi shiru. Na kira na ba su lambar rasit ɗin gidan waya, na tambaya ko an dakatar da asusun. Matar ta duba ta ce wasiƙar ta iso amma ba a sa alamar dakatarwa ba, ta sa a lokacin, na rubuta sunanta. A sati na biyar amsa ta zo. Sun cire hoto, sun cire ƙarin ruwa da ledarsa, sun mayar da allura guda ɗaya. Bil ya dawo dala 2,705.

Akwai wani abu da na nema ban samu ba, gara ku san shi. Kuɗin shiga ɗakin gaggawa matakai biyar ne, daga 99281 zuwa 99285, kuma yawan ayyukan da aka yi maka yana cikin abin da asibiti take dubawa wurin sa mataki. Na ce musu tunda hoto da ƙarin ruwa sun fita, a sake duba matakin nawa ko zai sauka. Suka ce sun duba, ɗinki da allura kaɗai sun isa mataki na uku. Ban da hujjar da zan ja da su, na bar shi. Amma kai ka tambaya, musamman in mataki na huɗu ko na biyar aka sa ka, domin tazarar kuɗin tana da yawa.

Sai bayan an gyara lissafi sannan na buɗe maganar tsada. Asibitocin da ba na riba ba, dokar haraji ta tarayya ta wajabta musu samun tsarin rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi, za ka ga an rubuta Financial Assistance a bayan bil ko a shafinsu. Kana da aƙalla kwana 240 daga bil na farko ka cike fom ɗin, kuma ba su da izinin ɗaukar tsauraran matakai a kanka, irin kai ka kotu ko ɓata maka kiredit, kafin kwana 120 su cika daga wannan bil na farko. Na kai takardun albashina na 'yan watannin baya, suka rage mini kaso mai tsoka, sauran na biya kaɗan-kaɗan duk wata ba ruwa a kai. Ka fara cire ƙarya, sannan ka nemi rangwame a kan gaskiya, amma ka sa ido a kan kwanakin kada su ƙare kana jiran amsa. Kuma in da hali kada ka biya da katin bashi don ka huta. Ranar da ka goga katin, bashin ya tashi daga na asibiti ya zama na banki, ga ruwa mai nauyi, kuma duk wani sassauci da ake yi wa bashin jinya ya wuce ka.

Ku masu inshora, ta wurin aiki ko Medicaid, kada ku ce ai ba ni ke biya ba. Kamfanin inshora yana aiko da takarda mai suna EOB, a samanta an rubuta cewa ba bil ba ce. Tana nuna abin da asibiti ta nema, da abin da suka biya, da abin da ya rage a kanka. Ka gwada ta da takardar dalla-dalla. In ka ga aikin da ba a yi ba, ka rubuta wa asibiti kamar yadda na nuna, ka kuma kira lambar da ke bayan katin inshorarka ka gaya musu. Su ma kuɗinsu ne, kuma asibiti ta fi jin muryarsu. Banda haka, kason da ake cirewa daga aljihunka a kan wannan lissafin ake yanke shi.

To idan ka makara fa, har an miƙa bashin ga kamfanin karɓar bashi? Ƙofa ba ta rufe ba. Dole su aiko maka da sanarwa a rubuce, kuma kana da kwana 30 daga samunta ka rubuta musu cewa ba ka yarda da bashin ba. In ka rubuta cikin wannan lokaci, doka ta ce su tsaya da neman kuɗin har sai sun aiko maka da shaidar bashin. Kada ka yi musu alkawarin biya a waya don su ƙyale ka. Sannan manyan kamfanonin kiredit guda uku, Equifax da Experian da TransUnion, tun 2022 sai bashin jinya ya shekara a hannun masu karɓa kafin su sa shi a rahotonka, kuma tun 2023 ba sa sa wanda bai kai dala 500 ba. Wannan yana nufin kana da lokacin bin haƙƙinka a natse, ba yana nufin ka kwanta ba.

In kuma ofishin kuɗi suka yi kunnen uwar shegu da kai, ko suka ce sun bincika komai daidai ne ba tare da sun nuna maka rahoton hoton ko lokacin ƙarin ruwan ba, ka tambayi ofishin da ke sauraron koken majinyata, galibi Patient Relations ake rubutawa. Ka kai musu ambulan ɗinka. In nan ma ba ta ɓulle ba, ofishin babban lauyan jiha yana karɓar irin wannan ƙorafi kyauta, a nan New York har sashe na musamman suke da shi na harkar lafiya. Sau da yawa ambaton cewa za ka tura musu kwafi ya isa a sake buɗe fayil ɗin.

Abu na ƙarshe, ga wanda bai riga ya shiga asibiti ba, Allah ya ƙara mana lafiya baki ɗaya. Duk ranar da ta kama ka je, ko ka raka wani, ka buɗe waya ka rubuta abin da aka yi da lokacinsa: ƙarfe kaza an ɗebi jini, ƙarfe kaza an yi allura, an ce za a yi hoto an fasa. In majinyacin ba ya cikin hayyacinsa, kai mai rakiya ka rubuta masa. Takardar sallama kuma kada ta shiga shara. Bayan sati uku mutum ba ya tuna allura nawa aka yi masa, amma rubutu yana tunawa.

Wanda yake da bil a ƙarƙashin katifa yanzu haka, ya fito da shi ya duba kwanan watan da ke samansa, ya ƙirga kwana nawa suka wuce, gobe da safe ya kira ya nemi takardar dalla-dalla. Wanda kuma ya san wani ɗan uwa da ba ya karatu, ya karanta masa wannan.